Gani bai kori ji ba: ido ba ya ƙidayar shekaru

Ƴan uwa ɗalibai, ku buɗe takardun iyayenku da kakanninku ku duba wurin ranar haihuwa. A gidaje da yawa, daga Tawa har Damagaram, ba za ku ga rana ba, ba za ku ga wata ba. Kalma guda ce ta Faransanci mai nufin "wajen", sai shekara a bayanta. In kuma an sake takardar, sai ku ga an mayar da "wajen" ɗin ya koma 1 ga Janairu. Ku tambayi mai takardar yadda aka samo wannan shekara, sau da yawa amsar guda ce: wani ma'aikaci ne ya ɗaga kai, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya rubuta. Kallon da bai kai minti guda ba shi ne zai yanke shekarar da za a ɗauki mutum lakkol, da ranar da za a ce ya wuce shekarun shiga jarrabawar aiki, da ranar ritayarsa, da ma irin alƙalin da zai tsaya a gabansa in ƙaddara ta faɗa masa.

Ni ina cewa wannan kallo ba hujja ba ne, kuma bai kamata a ci gaba da ɗaukar sa hujja ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ban musa ba. Amma labarin shekaru ba na fuska ba ne. Fata da gashi da tsayuwar jiki suna ba da labarin yadda mutum ya rayu: ranar da ya sha, abincin da ya samu ko ya rasa, aikin da ya yi, gidan da ya fito. Ba sa ba da labarin damina nawa ya gani. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da fata. A ƙarƙashin fatar da muke gani akwai wani sashe mai kauri, saƙaƙƙe da zaruruwa iri biyu: kolajin, wanda ke ba ta ƙarfi, da elastin, wanda ke sa ta koma mazauninta in an ja ta. Shekaru suna rage waɗannan zaruruwa a hankali, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi saurin tsinka su shi ne hasken rana. Kowa na iya gwada wannan ba tare da ya je gidan likita ba. Ka roƙi kakarka ta nuna maka bayan hannunta, sannan ta nuna maka cikin damtsenta kusa da hammata, inda tufa ke rufewa. Bayan hannun ya yamutse, ya yi kaushi, ya yi duhu. Cikin damtsen kuwa sumul yake, da laushi. To wanne ne shekarunta? Ai rana guda aka haife su duka biyu. A 2012 wata mujallar likitoci ta Amurka ta buga hoton wani direban babbar mota mai shekara 69, wanda ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen fuskarsa na hagu, mai kallon taga, ya yamutse ya zazzago ƙwarai, na dama kuwa bai kai haka ba ko kusa. Fuska guda, tsufa biyu.

Yanzu ka ɗauki ƴan biyu, Hasana da Husaina. Guda ta yi aure a karkara, tana shuka, tana ɗiban ruwa da itace, tana dafuwa a murhu cikin hayaƙi. Guda tana zaune ofis a Yamai. In suka kai arba'in, baƙo zai rantse ya da ƙanwa ne, ko ma uwa da ɗiya. Ga kuma haƙora, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. In turame suka zube, ƙashin muƙamuƙi yana zaizayewa, kumatu su lotsa, baki ya shige ciki, mace mai shekara 45 ta koma kamar ta kai sittin. Rama ma haka take yi, don kitsen fuska ne ke cika ta. Wanda ya tashi daga doguwar jinya ya ƙara tsufa a ido cikin wata biyu, in ya murmure kuma ya koma yaro. Shekarunsa ne suka tafi suka dawo? Sai man bilicin da ya cika kasuwanninmu: wanda ke ɗauke da kortizon mai ƙarfi yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, wanda ke ɗauke da hidrokinon kuma in aka daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabo a kumatu. An saye shi don a koma yarinya, ya kawo tsufan da shekaru ba su kawo ba.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen. Baƙar fata tana da melanin mai yawa, shi kuwa garkuwa ne daga rana, don haka yamutsewa tana zuwa mata a makare in aka kwatanta da farar fata. Wanda idonsa ya saba da fuskokin wata al'umma, in aka ba shi ta wata, sai ya yi ta zuba kuskure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƴan uwanmu masu tafiya arewa, waɗanda wani ma'aikacin da bai taɓa zama cikin baƙar fata ba zai dube su ya yanke yaro ne ko babba.

Sai gashi, wanda mutane suka fi yarda da shi. A gindin kowane silin gashi akwai ƙwayoyin da ke zuba masa launi. In suka ƙare, silin ya fito fari. Lokacin ƙarewar kuwa, mafi yawansa gado ne. Kowa ya san gidan da samari ke furfura tun ba su yi aure ba, kowa kuma ya san tsohon da ya aurar da jikoki kansa baƙi ƙirin. A matsakaici furfura tana fara wa Turawa wajen tsakiyar shekarun talatin, baƙar fata kuwa sai wajen tsakiyar arba'in. Amma matsakaici ba mutum ba ne, tsakiyar taro ne, kuma taron yana da faɗi. Ga cututtukan da ke jawo ta da wuri, kamar ƙarancin bitamin B12 da ciwon maƙoƙo. Sanƙo shi ma gado ne da aikin sinadaran jikin namiji, yana iya kama ɗan shekara 22. Goshin mace da ya ja baya sau da yawa aikin matsattsen kitso ne na shekara da shekaru. Ƙaramin yaro ma, in tamowa ta kama shi, gashinsa yana yin ja ya yi laushi ya zube. A ƙarshe, wa ya ce abin da kake gani shi ne abin da ke akwai? Baƙin rini na nan a kowane kanti, lalle na nan a gemun malam, aska na nan, kallabi da rawani na nan. Shaidar da ake iya sauyawa da kuɗin goro ba shaida ba ce.

Tsayuwar jiki fa? Gaskiya ne daga wajen shekara arba'in mutum yana rage tsawo kaɗan-kaɗan, wajen santimita guda cikin shekara goma, don faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana bushewa. Amma doron da muke kira na tsufa yana da sababai da ba su jiran tsufa. Ƙashin da ya yi rauni yana iya lotsewa, musamman ga mace bayan ɗaukewar al'ada. Tarin fuka in ya shiga ƙashin baya yana cin sa har ya karye ya yi tozo, ko ga yaro ɗan shekara goma. Wanda ya yi rayuwarsa yana noman duƙe da gajeriyar hauya, da wadda ta yi tata tana ɗaukar kaya a ka da goyo a baya, ba za su tsaya kamar tsohon soja ba ko da sa'anni ne. Ciwon gwiwa kaɗai ya isa ya sauya tafiyar mutum ya ƙara masa shekara goma a idon mai kallo.

Mu mutanen wannan yanki ba mu bukatar misali daga nesa. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000, mutane sun sha ruwan fanfo mai ɗauke da sinadarin fuluwo fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita guda, na Tibiri kuwa ya ninka wannan fiye da sau uku. Yara masu yawa haƙoransu suka dafe, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe, girmansu ya tsaya. Waɗannan yara manya ne yau. Ka dubi tsawon ɗaya daga cikinsu ka ce yaro ne, ka dubi tafiyarsa da haƙoransa ka ce tsoho ne. Duka biyu ka yi kuskure, don abin da ka karanta a jikinsa tarihin wata rijiya ne.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ga yara da matasa, don a nan shekara guda tana sauya komai. Kun san gwajin nan da ake ba da labari, na a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kama kunnen ɗaya gefen, in ya kama ya isa lakkol. Abin da gwajin ke aunawa tsawon hannu ne bisa girman kai, ba shekaru ba. A ƙasar da yara fiye da huɗu cikin goma ƴan ƙasa da shekara biyar girmansu ya tsumbure saboda ƙarancin abinci, Maraɗi da Damagaram ma suna cikin inda abin ya fi yawa, wa zai faɗi wannan gwaji? Ɗan talaka. Za a ce ya koma sai baɗi, ko a rubuta masa shekara shida alhali yana da tara.

Balaga ma haka. Ga yarinya lafiyayya, ƙirji yana iya fara fitowa ko yaushe tsakanin shekara 8 da 13. Ga namiji alamun farko suna zuwa tsakanin 9 da 14. Tazarar shekara biyar ke nan, kuma duka lafiya lau ne. Abinci mai kyau yana matso da ita, yunwa tana jinkirta ta. Saboda haka in aka dubi yarinya aka ce "ai ta isa", abin da aka gani kawai shi ne jikinta ya fara tafiya, ba a ga ya iso ba. Ƙashin ƙugu yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan fara al'ada, kuma shi ne ƙofar da jariri zai bi. A ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ake aurar da su kafin shekara 18, wannan "ta isa" ta ido tana cikin abubuwan da ke kai yara mata ga doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Wadda ta riga sa'anninta girma ita ce ke fara biyan kuɗin kuskuren.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, yo ai tsofaffinmu suna duban mutum su faɗi shekarunsa su dace. To, a garinsu suna dacewa, amma ba da ido ba. Tsohuwar da ta ce wane sa'an wane ne, ta halarci sunansu ne, ta san wa aka yaye kafin wa. Ka kawo mata baƙo daga Agadas ka ga ko za ta dace. Na yarda ido yana raba ɗan goma da ɗan hamsin. Amma ba a taɓa yin gardama a kan wannan ba. Gardama kullum tsakanin 16 da 19 take, ko 58 da 62, a nan kuwa ido makaho ne.

Na kuma yarda ido yana ganin wani abu na gaske, sai dai ba shi muke tambaya ba. A ƙasar Danmak an ɗauki hotunan tagwaye tsofaffi, ƴan shekara 70 zuwa sama, aka ba mutane su kintaci shekarunsu, aka bi su shekaru bayan haka. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa a cikin ƴan biyu, wanda aka ga ya fi tsufa a fuska shi ya fi yawan riga ɗan uwansa mutuwa. Ku lura da kyau: shekarunsu ɗaya ne daidai. Ke nan fuska ta faɗi gaskiya game da lafiya da gajiyar jiki, ta yi ƙarya game da ranar haihuwa. Likita yana da dalilin kula da tsufan fuska. Mai rubuta takardar haihuwa ba shi da shi.

Wani zai ce to a koma ga na'ura. Ita ma tana da iyaka. Hoton ƙashin hannu da ake ɗauka don kintatar shekarun yaro, ana kwatanta shi da wani kundin hotuna na Greulich da Pyle, wanda aka tattara daga yaran Turawa ƴan gidan wadata na birnin Kilibilan a Amurka tun shekarun 1930. Kuskuren shekara biyu sama ko ƙasa ba abin mamaki ba ne a cikinsa. Haƙorin ƙarshe na can ƙurya yana fitowa tsakanin shekara 17 da 25, wasu ma ba ya fito musu har abada. A gasar ƙwallon duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, an yi amfani da na'ura ana duba ko kan ƙashin wuyan hannu ya gama haɗewa. In ya haɗe, kusan tabbas ɗan wasa ya wuce 17. In bai haɗe ba kuwa, wannan bai tabbatar da bai wuce ba. In na'urar da ke ganin cikin ƙashi tana ba da tazara ne kawai, ina ga idon ma'aikacin da ya gaji, yana jiran lokacin tashi?

To me ya rage? Ji. Ga misali, don a ga yadda ake yi. Mu ce a watan Janairun 2024 an kama wani saurayi ɗan dako a kasuwa bisa zargin sata. Dogo ne, ƙirjinsa ya buɗe saboda ɗaukar buhu, gemu ya tsiro, rana ta dafa masa fuska. Ba shi da takarda. Mai rubutu ya dube shi ya sa "wajen 2005", wanda a lissafi yake komawa 1 ga Janairun 2005. Ya zama ɗan shekara 19, babba, za a yi masa shari'ar manya, a kai shi kason manya. A dokar ƙasarmu kuwa wanda bai cika 18 ba yana da alƙalinsa na yara, hukuncinsa ma da sassauci.

Yanzu a kira uwarsa. Kada a tambaye ta shekararsa nawa, don za ta ce "wajen ashirin", kamar yadda kowa ke zagaye lissafi zuwa goma ko biyar. Masu ƙidayar jama'a sun san wannan ciwo: a inda takardu suka yi ƙaranci, shekarun da suka ƙare da 0 da 5 suna cika maƙil, na kusa da su su rame. A tambaye ta abin da ta sani: me ke faruwa lokacin da kike da cikinsa? Ta ce ranar da rana ta yi husufi gari ya yi duhu da tsakar rana, tana da ƙaramin ciki, tana laulayi. Husufin nan an san ranarsa, 29 ga Maris 2006, ya ratsa yankin Maraɗi. A sake tambaya: wane lokaci kika haihu? Ta ce cikin azumi, ana yankan gero. Azumin 2006 ya kama daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, wato daidai kaka. Daga ƙarshen Maris zuwa nan wata shida ne zuwa bakwai, ya yi daidai da cikin wata biyu ko uku ranar husufi. Husufi da azumi da kaka sun haɗu wuri guda. An haifi yaron nan tsakanin ƙarshen Satumba da ƙarshen Oktoban 2006. A Janairun 2024 shekararsa 17 da wata uku ko kusa da haka. Yaro ne.

Wannan hanya ita ma tana iya karkacewa, kuma ana iya ganewa. Uwa tana iya haɗa cikin wannan ɗa da na wansa, tana kuma iya son kare shi. Shi ya sa ba a tsayawa ga bakinta kaɗai. A jera haihuwarta duka, wa ke bin wa da tazarar yaye nawa. A nemi karnen rigakafi in yana nan. A nemi sa'ansa a unguwa wanda ke da takardar asibiti. A tambayi ungozoma ko maƙwabciya dabam, ba a gaban uwar ba. Azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka "cikin azumi, ana yankan gero" bai dace da ko wace shekara ba: wanda ya ce an haife shi a azumin 2012 da kaka, maganarsa ta karye, don azumin wannan shekara a tsakiyar damina ya faɗo. Ga manya ma akwai turakun da za a ɗaura magana: juyin mulkin Kunce a Afrilun 1974, yunwar 1984, rasuwar Kunce a Nuwamban 1987, babban taron ƙasa na 1991, kisan Ba'are a Afrilun 1999. Bambancin ji da gani shi ne, ji ana iya gwada shi da wani jin a kama ƙarya. Kallo kuwa ba shi da abokin gwaji, sai dai wani kallon.

Harshenmu ma ya san wannan tun tuni. Hausa ba ta taɓa ɗaukar "yaro" da "babba" a matsayin lamba ba. Mai shekara arba'in yana iya zama yaron wane a kasuwa. Yarinya ƴar sha biyar in aka ɗaura mata aure ta tashi daga budurwa ta koma matar aure, ba tare da ta ƙara kwana guda ba. Dattijo hali ne kafin ya zama furfura, shi ya sa muke da dattako. Muna ce wa mahaifi "tsohona" ko da bai kai hamsin ba. Waɗannan kalmomi matsayi suke aunawa, kuma a wurinsu suna aiki daidai. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da aka ɗauki hukuncin ido irin na zaure, aka zuba shi cikin takardar gwamnati mai neman rana da wata, aka buga masa hatimi.

Saboda haka abin da nake nema a fili yake. Duk inda za a rubuta shekarun wanda ba shi da takarda, a lakkol ne, a gidan magajin gari ne, a gaban jandarma ko alƙali ne, a tambayi shaidu da abubuwan da suka faru, a rubuta hujjar kusa da lambar. In shakka ta rage tsakanin yaro da babba, a ɗauke shi yaro, don kuskuren da ya kai yaro kason manya ba a gyara shi. Mu kuma da muka iya bik da kalanda, in hutu ya zo, mu zauna da iyayenmu mata tun suna tuna wa aka haifa shekarar fari, wa aka yaye shekarar husufi, mu rubuta wa ƙannenmu ranakunsu. Jaririn da aka haifa jiya a gidanku kuwa, a kai sunansa a yi masa takarda tun kafin a cinye ragon suna.